Mun watse a garuruwa, yaya za mu haɗa taron 'yan ajinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gama sakandaren kwana ta maza a Kano a 2006, mu kusan 180 a aji huɗu. Yanzu wasu na Abuja, wasu Legas, Kaduna da Fatakwal, har da na Saudiyya da Ingila. Muna da guruf na WhatsApp amma mu 50 ne kawai a ciki, kuma duk sanda aka ta da maganar taro sai ta mutu. Muna so mu haɗu na cika shekara 20. Ta ina za mu fara, kuma wane irin taro ya dace da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku ajiye maganar ɗakin taro da atamfa ko shaddar anko tukuna, ku fara da takardar sunaye. Maganar tana mutuwa ne saboda ana jefa ta a guruf ga kowa da kowa, ba a ɗora ta a wuyan kowa ba. Mutum hamsin za su ce "Allah ya sa mu gani", sannan kowa ya jira wani ya motsa. Ku fitar da kwamitin mutum bakwai, kada su wuce haka: shugaba, sakatare, ma'aji, sai mutum ɗaya daga kowane aji, A zuwa D. A cikinsu lallai a samu aƙalla uku da ke zaune a Kano, domin su ne za su taka da ƙafa zuwa makaranta da wurin mai abinci. Shugaba kuma ba dole ne ya zama tsohon hedboy ko wanda ya fi kowa kuɗi ba. A nemi wanda in ya kira waya ana ɗauka, kuma yana da lokacin kiran. Ku ba kanku wata shida: uku na neman mutane, biyu na tara kuɗi, ɗaya na shirin ranar.

Neman mutane shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hamsin ɗin da kuke da su yanzu su ne masu sauƙin samu: masu babbar waya, masu aikin ofis, waɗanda suka ci gaba da karatu tare a jami'a. Sauran 130 ɗin ba su ɓace ba, hanyarsu ce kawai ba ta bi ta WhatsApp ba. Idan kuka yi taro da hamsin ɗin nan kaɗai, taron waɗanda suka samu dama kuka yi, ba na aji ba, kuma waɗanda aka bari za su ji labari daga baya su riƙe abin a zuciya.

Mutum biyu su je makarantar da wasiƙa daga kwamiti zuwa ga shugaban makaranta, su nemi ganin jerin sunayen waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC da NECO a shekararku. Wannan jerin yawanci yana ofishin malamin da ke kula da jarrabawa, kuma ya fi rajistar aji amfani, domin rajistar aji takan lalace ko ta ɓace, shi kuwa sakamakon jarrabawa ana adana shi saboda masu dawowa karɓar takardunsu. Sunaye kawai kuke buƙata. Kada ku ɗauki hoton sakamakon kowa, balle ya shiga guruf. Mutum ɗaya da aka tona wa faɗuwar lissafi ta shekara ashirin baya ya isa ya hana mutum goma zuwa. Ku kuma tuna cewa jerin bai cika ba: akwai wanda kuka yi shekara biyar tare amma ya sauya makaranta a aji na ƙarshe, akwai wanda ya maimaita aji ya gama da na bayanku. Kwamiti ya yanke tun farko cewa duk wanda ya zauna aji da ku naku ne, a faɗa a fili, domin irin waɗannan ba sa zuwa sai an kira su da suna.

Daga nan sakatare ya buɗe takarda guda, a kwamfuta ko a babban littafi, kowane mutum da layinsa: cikakken suna, laƙabin makaranta, aji, gidan kwana, garin asali, garin da yake yanzu, lambar waya, da wanda ya tabbatar da shi. Gurbin laƙabi da na gidan kwana sun fi yadda ake zato muhimmanci. A aji ɗaya za ka iya samun Sani Musa uku, kuma ba wanda ya san ɗayansu da sunan rajista. Da Dogo ko Kaftin ko sunan garinsu aka san shi. Haka kuma mutum ya fi tuna wanda gadonsa ke kusa da nasa a ɗakin kwana fiye da wanda suka zauna benci ɗaya. Don haka ku raba sunayen da suka rage gida-gida, kowane gidan kwana a ba mutum biyu da suka zauna a cikinsa, a ce musu nan da sati biyu ku kawo lambobin mutum goma sha biyar. Aiki mai iyaka da wa'adi ana yin sa; "kowa ya taimaka ya nemo namu" ba ya haifar da komai.

Zagaye na farko zai kawo muku da yawa ta hanyar wannan ya san wancan. Zagaye na biyu na Facebook ne: ku nemi suna haɗe da sunan makaranta ko garin asali, ku duba abokan waɗanda kuka riga kuka samu, ku kuma sa tsohon hoton aji a shafin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar, ku roƙi duk wanda ya gane fuska ya faɗi suna. Manyan makarantu irin Barewa ta Zariya da Rumfa ta Kano suna da uwar ƙungiya mai rassa a garuruwa, kuma idan taku tana da irinta, sakatarenta zai iya haɗa ku da na gabanku da na bayanku, waɗanda sau da yawa ƙannen ko yayyen mutanen da kuke nema ne. Zagaye na uku kuwa na ƙafa ne. Wanda ya koma ƙauyensu yana noma ko koyarwa a firamare, ba za ka same shi a intanet ba, amma gidan mahaifinsa yana nan inda yake. Ɗan ajinku na ƙaramar hukumar ya je ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, ya tambayi mai unguwa ko limami. Mutum ashirin na ƙarshe ta haka ake samun su.

A wannan neman ne za ku ji rasuwar wasu. Kada a rubuta wa kowa "marigayi" da jin labarin mutum ɗaya. Sai wani ya yi magana da ɗan'uwansa na jini. Saboda sunaye iri ɗaya, yana faruwa a yi wa mutum addu'ar gafara a guruf yana raye lafiya lau a Legas. Wanda aka tabbatar kuma, a rubuta ko ya bar iyali da wanda ke riƙe da su, domin za a buƙaci wannan daga baya.

Guruf ɗin kansa yana buƙatar gyara kafin sababbi su shigo. Ku buɗe na biyu na sanarwa kawai, inda masu kula ne kaɗai ke iya aika saƙo, ku bar tsohon don hira. In ba haka ba sanarwar lambar asusu za ta nutse ƙarƙashin gardamar ƙwallo da siyasa da saƙon barka da Juma'a ɗari. Kada ku saki mahaɗin shiga guruf a Facebook. In kuma dole ne, ku kunna "Approve new members", kuma kada a amince da kowa sai wani ɗan gidan kwanansu ya ji muryarsa a waya. Dalilin ba ƙarami ba ne. Da zarar an fara maganar kuɗi, 'yan damfara na shigowa. Salon da suka fi yi shi ne su kira mutum su ce daga kwamitin tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taro ta intanet da yamma, ya karanto musu lamba shida da aka turo masa. Lambar nan ta shiga WhatsApp ɗinsa ce. Da ya faɗa sun ƙwace, sai su bi 'yan guruf ɗaya bayan ɗaya da sunansa suna neman rance. Ku sanar tun ranar farko cewa kwamiti ba zai taɓa tambayar kowa lambar da aka turo masa ba, asusu ɗaya ne tak, kuma kowa ya kunna "Two-step verification" a WhatsApp ɗinsa.

Sai rana. Ga mutanen da iyayensu ke Kano amma aiki ya watsa su, lokacin da za ka same su a gida ba tare da sun yi tafiya ta musamman ba shi ne Sallah, sai ƙarshen Disamba. Wannan shi ne babban abin da ke rage tsadar taro, domin kuɗin motar na Legas ko na Fatakwal ya fi kuɗin da za a ce ya bayar nesa ba kusa ba. Amma kowace da matsalarta. Ƙaramar Sallah ba a sanin ranarta sai an ga wata, ko azumi 29 ko 30, saboda haka idan kuka kama wuri da cewa "kwana uku bayan Sallah" kuna iya samun saɓanin kwana ɗaya. Babbar Sallah ta fi sauƙi ta wannan fuskar, tun da ana sanin ranarta tun ganin watan Zulhijja, sai dai wasu na aikin Hajji, kuma ranar farko da ta biyu kowa na fama da nama. Hutun gwamnati ma yawanci kwana biyu ne, ma'aikaci zai so ya juya. Ku duba kalanda: idan Sallah ta faɗo Laraba, Alhamis ko Juma'a, Asabar ɗin da ke biye ita ce ranarku. Idan ana hawa a shekarar, ku tuna Hawan Daushe da Hawan Nassarawa suna toshe hanyoyin cikin birni, ku zaɓi wurin da ba sai an ratsa su ba. Disamba kuwa ranarta tabbatacciya ce, ɗalibai na hutu, na ƙasar waje sun fi samun dama, kuma idan akwai Kiristoci a ajinku, ku kauce wa 25 da 26 ga wata da safiyar Lahadi. Illarta bukukuwan aure sun yi yawa, wuraren taro kuma ana kama su da wuri. Kwamiti ya fitar da rana biyu kawai, a kaɗa ƙuri'a a guruf cikin kwana biyar, a kira marasa WhatsApp a ji nasu, sannan a rufe maganar. Ranar da za ta yi wa kowa daidai babu ita.

Yanzu mu bi lissafin ajinku a matsayin misali, domin shi zai nuna muku irin taron da za ku iya. A ce cikin 180 kun gano 140, an tabbatar 12 sun rasu, saura 128. Aka tambaya wa zai zo, 90 suka ce in sha Allahu. Kada ku dafa abincin mutum 90. Alƙawarin baki ba shi ne adadi ba. Adadi shi ne waɗanda suka biya kafin wa'adi, sai waɗanda kwamiti ya san ya ɗauke wa biya. A ce 55 suka biya, an ɗauke wa 10, ga tsofaffin malamai 8 da za ku gayyata. Mutum 73 ke nan. Wasu da suka biya ba za su zo ba, wasu da ba su ce komai ba za su faɗo, don haka a yi odar abincin mutum 80.

Farashi yana sauyawa kowane wata, lambobin nan na nuna hanya ne kawai, ku sa na kasuwarku. Idan kowa ya ba da naira 15,000, mutum 55 sun tara 825,000. Masu hali suka ƙara gudummawar 400,000, jimla 1,225,000. Abincin mutum 80 a kan 5,000 ya ci 400,000. Ruwa da lemo 80,000. Rumfa, kujeru, lasifika da man janareta 180,000. Malamai takwas, kuɗin mota da ɗan abin alheri 25,000 kowanne, 200,000. Taimakon kuɗin mota ga 'yan'uwan da ba su da shi 120,000. Mai hoto 60,000. Duka 1,040,000, saura 185,000, kuma wannan ba rara ba ce, ajiya ce ta abin da zai taso ranar: ƙarin kujeru, janareta ya ƙi tashi, baƙi sun fi zato. Ka ga a lissafin nan babu kuɗin ɗakin taro na otal, babu anko. Da an sa su, sai dai a ninka kuɗin kowa, kuma ninkawar nan mutum ashirin za ta zubar, su ne kuma waɗanda kuka sha wahalar nema.

Shawarata a kan kuɗi ita ce a yanke ƙaramin adadi da malamin firamare zai iya biya ba tare da ya taɓa cefanen gidansa ba, a bari a biya sau biyu ko uku, mai hali kuma ya ƙara a asirce. A guruf a riƙa sanar da jimlar abin da ya shigo da adadin waɗanda suka biya duk Juma'a, amma kada a jera suna da adadi, wane dubu ɗari biyu, wane dubu biyar. Ma'aji da wasu mutum biyu su riƙa ganin cikakken bayanin banki. Kada kuɗin ya shiga asusun da mutum yake harkarsa ta yau da kullum, ko da amintacce ne, domin in ya cakuɗe da kuɗin kasuwancinsa shi kansa ba zai iya rarrabewa ba, daga nan zargi ke farawa. Asusu da sunan ƙungiya yana buƙatar rajista da hukumar CAC, da amintattu da tsarin mulki da sanarwa a jarida, abin da ba zai kammalu da sauri ba. Don taron farko, asusun haɗin gwiwa na mutum biyu ko uku, wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun biyu, ya wadatar. Kuɗin marayun waɗanda suka rasu da na yi wa makaranta aiki kuma a ware su daban, kada a haɗa da na taro. Ni a ganina ma kada a ɗauki alƙawarin gina komai a taron farko. A tsaya a kan abu ɗaya da za a iya gamawa cikin wata uku, kamar gyaran famfon burtsatse ko kujerun aji ɗaya, bayan an tambayi shugaban makaranta abin da ya fi damun su.

Irin taron kuwa, ga aji kamar naku, wanda ya fi dacewa shi ne na yini ɗaya a cikin makarantar kanta, daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar. Wurin ba shi da tsada, kowa ya san hanya, kuma shi da kansa yake buɗe bakin mutane. Mutum biyu da suka yi shekara ashirin ba su ga juna ba, ɗaya darakta ɗaya mai shago, in ka zaunar da su a teburin otal za su gaisa su yi shiru. In kuwa suka tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci inda suka yi layin koko da kwano a hannu, ko ƙarƙashin darbejiyar da aka taɓa sa su kama kunne, hira ba ta buƙatar mai gabatarwa. Ku nemi izini a rubuce wata biyu kafin ranar, ku je ku duba banɗaki da ruwa da wurin alwala da idonku mako guda kafin nan, domin makaranta a lokacin hutu takan kasance ba ruwa ba shara. Liyafar dare a otal tana da kyau a hoto, amma tana ƙara kuɗin kwana, tana kuma sa na Wudil ko Gwarzo ko Kaduna ya kama hanya cikin dare, abin da bai kamata ku jawo wa kowa ba.

Idan ƙuri'a ta nuna na nesa da yawa ba za su iya zuwa ba, kada ku fasa. Ku yi ƙananan zama a Abuja, Kaduna da Legas wata biyu kafin babban, mutum goma ko sha biyar a gidan ɗaya daga cikinku ko a wurin cin abinci, kowa ya biya nasa. Irin wannan zaman yana fito da lambobin da aka rasa, kuma a nan ake haɗa masu mota da marasa mota su taho tare. Na ƙasar waje kuma a ware musu rabin awa takamaimai, kada a ce za a haska musu taron gaba ɗaya. Sabis zai yanke, kuma wanda ke riƙe da waya shi ya rasa taron. Ƙarfe biyu da rabi na rana a Kano huɗu da rabi ne a Saudiyya, a Ingila kuma ɗaya da rabi a Disamba, ko daidai da namu a lokacin bazararsu. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, ku shirya a kan haka, ku haɗa wayar da lasifika, ku gwada tun jajibere.

Tsarin ranar ya zama mara nauyi. A ƙofa a ajiye tebur da takardar sunayen nan, kowa ya gyara lambarsa, a manna masa takarda a ƙirji mai suna da laƙabi da manyan baƙaƙe, domin furfura da ƙiba sun sauya fuskoki, kuma ba abin da ke sanyaya gwiwar mutum kamar a ce masa "tuna min". A buɗe da addu'a, a karanta sunayen waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya a yi musu addu'a. Sannan a kira rajista aji-aji kamar yadda ake yi a da, kowa ya miƙe ya amsa, ya faɗi garin da yake da yawan iyalinsa, ba muƙami ba. Minti ɗaya ga mutum 65 ya riga ya wuce awa guda, don haka mai gabatarwa ya riƙe agogo. Babban teburi na malamai ne kaɗai. Ɗan aji, ko kwamishina ne, ya zauna cikin 'yan'uwansa, kuma a gaya masa haka tun kafin ranar cikin mutunci, tare da roƙon kada ya zo da tawaga ko ya mai da wurin dandalin siyasa. Jawabi uku ya isa: shugaban kwamiti, malami ɗaya a madadin sauran, da shugaban makaranta na yanzu. Hoton kowa da kowa a ɗauke shi kafin azahar, domin bayan abinci mutane ke fara sulalewa. Bayan salla da abinci a bar awa biyu babu komai a tsari, a zaga ɗakunan kwana da azuzuwa.

Malamai a aika musu mota har gida, a mai da su har gida. Yawancinsu sun yi ritaya, wasu ba sa iya hawan adaidaita. Mai abinci kuma a ba shi rabin kuɗi da rubutacciyar yarjejeniya ta adadi da lokacin kawowa, ƙarfe sha biyu da rabi, sauran sai an ƙirga an karɓa. Kafin a tashi a zaɓi waɗanda za su riƙe ƙungiyar da wa'adin shekara biyu, ana ido da ido, domin zaɓe a guruf gardama yake zama. Cikin mako guda ma'aji ya fitar da cikakken lissafi da rasit, sakatare ya tura hotuna, sannan wakilin kowane aji ya kira waɗanda ba su samu zuwa ba ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa musu an kira sunansu a rajista.